Sakin layin auna ra'in asabiyya: shin daular Usmaniyya ta Turkiyya ta rushe Ibn Khaldun?

Sa'adatu (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimako kafin Alhamis. A darasin ilimin zamantakewa an ba mu aikin rubuta sakin layi ɗaya tak, kada ya haura kalma 250, mu auna ƙarfi da raunin ra'i guda. Ni na ɗauki ra'in asabiyya na Ibn Khaldun, wato haɗin kan ƙungiya da ya ce shi ke kafa daula. Da Larabci zan miƙa, amma ga abin da na rubuta da Hausa don kowa ya sa baki:

"Ibn Khaldun babban malami ne, an haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ra'insa yana da ƙarfi domin ya bayyana yadda dauloli suke tashi da faɗuwa, kuma ya riga Turawa. Amma yana da rauni domin tsohon ra'i ne, kuma daular Usmaniyya ta wuce shekara 600 alhali ya ce daula ba ta wuce 120. A taƙaice ra'in yana da amfani kuma yana da nakasu."

Na nuna wa wata da ta riga ni yin darasin, ta ce wai babu awo a ciki. Ban gane ba, ga ƙarfi ga rauni duk na kawo.

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ni dai shawarata ki canza mutum. Malamin da ya yi alƙalancin Malikiyya a Masar ne za ki zauna kina lissafa masa nakasu? Ga Turawa nan birjik, ɗauki Marx ki soke shi yadda kika ga dama.

Hajiya Rabi (Makka): Abu Hanan, ba mutumin aka ce ta auna ba, maganar da ya yi kan dauloli aka ce. Shi kansa ai a farkon littafinsa Muƙaddima ya kama malaman tarihi da suka gabace shi, har da Mas'udi, ya ce sun karɓi alƙaluman rundunar da hankali ba zai ɗauka ba. Wanda ya yi wa magabata haka ba zai ji haushi don ɗaliba ta gwada maganarsa ba.

Abu Hanan: To Hajiya, na ji. Amma a yi da ladabi.

Malam Tijjani (Riyad): Sa'adatu, abokiyarki ta yi gaskiya, bari in nuna miki inda take nufi. Na jima ina duba irin wannan aiki, kuma yawanci haka yake zuwa.

Jimlarki ta farko tarihin rayuwa ce, ta ci miki wuri ba ta auna komai ba. Cire ta. "Ya riga Turawa" yabo ne ga marubucin, bai nuna cewa abin da ya faɗa daidai ne ba, don mutum yana iya riga kowa faɗin kuskure. "Tsohon ra'i ne" shi ma haka, tsufa ba ya ƙaryata magana. Jimlar ƙarshe kuwa ki gwada ta da kanki: goge sunan Ibn Khaldun ki sa Durkheim ko Weber. Ta zauna daram? To duk jimlar da za ta zauna a ƙarƙashin kowane ra'i, mai dubawa ba zai ba ta maki ba.

Abu ɗaya ne mai nauyi a rubutunki, maganar Usmaniyya. Ita ma da gyara, amma sai kin fara amsa min wannan: a cikin maganganun Ibn Khaldun, wacce ɗaya kike aunawa? Asabiyya ba magana ɗaya ba ce. Akwai cewa haɗin kan jini da ƙawance shi ne ke ba mutanen ƙauye da sahara ƙarfin kayar da mutanen birni. Akwai cewa kiran addini yana ninka wannan ƙarfi. Akwai kuma cewa jin daɗin birni yana cinye haɗin kan cikin zuriya uku. Kalma 250 ba za ta ɗauki duka ba.

Sa'adatu: Allah ya saka da alheri Malam. Ta ukun nake so, ta zuriya da shekara 120.

Nura: Gyara kaɗan, zuriya huɗu ne ba uku ba. Mai ginawa, sai wanda ya gani da idonsa, sai mai kwaikwayo, sai mai rushewa. Haka muka karanta. Ki gyara kafin duktur ya ja miki jan biro.

Malam Tijjani: Nura, abin da ka kawo yana cikin littafin, sai dai a wani fasali ne daban. Huɗun nan magana ce kan martabar gida ɗaya, yadda ɗaukaka take ƙarewa a uba na huɗu. Fasalin shekarun daula kuwa zuriya uku ya ce, kowace shekara 40, shi ne ya ba da 120. Arba'in ɗin ma ya kafa mata hujja da shekarun da Bani Isra'ila suka yi suna ɗimuwa a sahara, har zuriyar da ta saba da ƙasƙanci ta ƙare wata ta taso. Suna haɗuwa a wuri ɗaya, don ya ce a zuriya ta huɗu ne rushewar take bayyana, shi ya sa ɗalibai suke cakuɗa su. Sa'adatu, ki rubuta uku, ki ambaci fasalin.

Nura: Ni dai a takardar da aka raba mana huɗu na gani. Zan duba littafin da daddare.

Malam Tijjani: Duba, ka dawo mana da abin da ka samu.

Yanzu Usmaniyya. Sa'adatu, kin rubuta "ya ce daula ba ta wuce 120". Bai ce haka kai tsaye ba. Ya ce a galibi ba ta wuce zuriya uku. Sannan ya ƙara da cewa daula tana iya zarce wa'adin idan babu mai neman ƙwace ta, wato tsufan ya riga ya kama ta, mai turewa ne bai zo ba, da ya zo da bai tarar da mai karewa ba. Idan kika cire waɗannan sharuɗɗa biyu kika kayar da abin da ya rage, kin kayar da maganar da ke kika ƙirƙira. Duk malamin da ya karanta fasalin zai gane nan take.

Amma kada ki yi baƙin ciki, don a cikin sharaɗin nan ne raunin gaske yake. Duba yadda abin yake aiki. Daula ta faɗi kusa da shekara 120, sai a ce ra'i ya tabbata. Daula ta kai shekara 600, sai a ce ai ta tsufa tuntuni, mai ƙwacewa ne bai zo ba. To wane abu ne zai faru a tarihi har mu ce ra'in ya kuskure? Idan babu, ra'in ya kare kansa ta hanyar da ta rage masa daraja. Haka kuma tambayi kanki, da me ake gane asabiyya ta yi ƙarfi? Idan amsar ita ce "saboda sun yi nasara", sannan aka tambaya me ya sa suka yi nasara aka ce "saboda asabiyyarsu ta yi ƙarfi", an zagaya an dawo wuri ɗaya. Wannan suka ta fi ta Usmaniyya nauyi nesa ba kusa ba, kuma Usmaniyyar ce za ta kai ki gare ta.

Hajiya Rabi: Malam, ni ban yi wannan karatu ba, amma abin nan na zuriya na gan shi da idona a nan Makka. Akwai wani gida na mutanenmu, kakan ya zo da ƙafa ta Sudan, ya fara da tallan ruwa da ɗaukar kayan alhazai, har ya mallaki shaguna. Ɗansa ya riƙe, don tare suka sha rana. Jikokin kuwa ko buɗe shago da asuba ba sa iyawa, yanzu duk an sayar. Ba sai ta sa irin wannan a matsayin ƙarfin ra'in ba?

Malam Tijjani: Hajiya, labarin ya yi daidai da huɗun da Nura ya kawo, na martabar gida. Amma ba zan ba ta shawarar sa shi ba. Ita maganar daula take aunawa, kuma mai dubawa ba shi da hanyar tabbatar da labarin gidan da ba a rubuta ba. Ban da haka, a unguwar taku ba a rasa gidan da jikoki suka fi kakan arziki, sai dai ba a cika ba da labarinsu ba don babu wa'azi a ciki.

Hajiya Rabi: Wannan kuma gaskiya ne, akwai su.

Ɗan Maiwurno: Salamu alaikum, yanzu na tashi daga aiki na tarar da zance ya yi nisa. Ni ina ganin an bar misali a gida an tafi Turkiyya. Shehu Usmanu ya fara jihadi a 1804, Turawa suka shiga Sakkwato a 1903. Shekara 99, kusan zuriya uku ke nan. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi suka zo suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, ai ƙarshen daular ne ya kawo su. Ga addini ya haɗa kan jama'a, ga mutanen daji sun ci birane, ga faɗuwa a kan lokaci. Wane ƙarfi ake nema da ya wuce wannan?

Sa'adatu: Kai, wannan ya burge ni Yaya. Malam in sa?

Malam Tijjani: Rabinsa zinariya ne, rabinsa tarko. Tashin daular ya dace da maganar Ibn Khaldun cewa kiran addini yana haɗa ƙungiyoyin da da ba sa jituwa su zama ƙarfi ɗaya. Amma Sa'adatu ba wannan maganar ta zaɓa ba, ta zaɓi ta faɗuwa. A ra'in, daula tana ruɓewa daga ciki, sai wata ƙungiya mai sabon haɗin kai ta taso daga gefe ta karɓe. Wanda ya ci Sakkwato kuwa rundunar Lugga ce, sojan haya da horo irin na Turai da bindiga mai ruwa. Adadin shekarun ya yi kusa, amma sanadin ba shi ne wanda ra'in ya faɗa ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: a ga lamba ta dace sai a ce an tabbatar, ba a duba ko ta hanyar da ra'in ya ce abin ya bi ba.

Ɗan Maiwurno: Allah gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa fa? Jikokin masu jihadi ne suka juya wa juna takobi kan sarauta, shekara goma kafin Turawa su iso. In wannan ba lalacewar haɗin kai ba ce a zuriya ta uku, mece ce? Bature ya tarar da bango ya riga ya tsage.

Malam Tijjani: Hujja ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma ga abin da zai dame ka. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi kukan cewa jama'a sun karkata ga son mulki da dukiya tun jihadin bai ƙare ba, har ya bar su ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Wannan zuriya ta farko ce, wadda ra'in ya ce ita ce mai tsantsar haɗin kai. Idan alamar lalacewa tana nan a shekarun farko kuma tana nan a shekara ta 89, to jadawalin zuriya uku me ya ƙara mana?

Ɗan Maiwurno: Kukan malami mai tsantseni daban, yaƙin da aka zubar da jini daban. Ba a haɗa su a ma'auni ɗaya.

Malam Tijjani: Na yarda ba nauyinsu ɗaya ba. Amma ka ga mu biyu mun cika allo ba mu gama ba, ita kuwa kalma 250 gare ta. Misalin da sai an yi masa shafi uku na sharhi ba na sakin layi ɗaya ba ne. In ta kai ga rubuta bahasin kammalawa, Sakkwato maudu'i ne mai kyau.

Ɗan Maiwurno: A kan tsawon na sallama. A kan Kano ban sallama ba.

Sa'adatu: To Malam wane misali zan sa a ɓangaren ƙarfi?

Malam Tijjani: Koma inda shi kansa ya duba, Magrib. Murabiɗun sun fito daga sahara da kiran addini, suka gina Marakish. Muwahhidun suka sauko daga duwatsun Atlas da nasu kiran, suka ƙwace birnin a 1147. Banu Marin, su ma makiyaya, suka ƙwace shi daga hannunsu a 1269. A nan ba lamba kaɗai ta dace ba, hanyar ma ita ce: na gefe masu haɗin kai suna kayar da na birni, su zauna, a kayar da su.

Sai dai ki lura da abu biyu. Daga 1147 zuwa 1269 shekara 122 ne, abin sha'awa, amma in kika fara ƙirga daga lokacin da Ibn Tumart, jagoran Muwahhidun na farko, ya fara kiransa, shekaru ashirin da wani abu kafin haka, lissafin ya canza. Don haka faɗi daga inda kika fara ƙirge. Na biyu, daga tarihin waɗannan dauloli ne ya ciro ra'in lokacin da ya rubuta Muƙaddima a 1377. Dacewar ra'i da misalan da aka gina shi a kansu ƙarfi ne, amma ba jarrabawa ba ce. Jarrabawa tana farawa ne idan aka fitar da shi daga gidansu.

Nura: Na duba. Uku ne a fasalin daula, huɗu a na martaba. Amma Malam ina da tambaya. Mu an koya mana a kawo ƙarfi biyu, rauni biyu, a daidaita. In ta kawo ɗaya-ɗaya ba za a ce ta gaza ba?

Malam Tijjani: Ya danganta da abin da takardar aikin ta ce, Sa'adatu ta duba. In an ce biyu-biyu, ta bi. In ba a ƙayyade ba, ni na fi son ɗaya-ɗaya da suke magana da juna. Matsalar biyu-biyu ita ce sau da yawa ƙarfin yana magana kan wani abu, raunin yana magana kan wani, ba su taɓa haɗuwa ba balle a ce wanne ya rinjaya. Kuma ba dole ne a tashi kunnen doki ba. Awo yana nufin a ƙarshe ki ce wannan ɓangare ya fi nauyi, ga dalili, ga iyakar inda hukuncin ya tsaya.

Sa'adatu: Ga sabon, a duba min:

"Ibn Khaldun ya ce a galibi daula ba ta wuce zuriya uku, kimanin shekara 120, domin jin daɗin birni yana cinye asabiyyar da ta kafa ta. Ƙarfin wannan magana shi ne ta ba da sanadi daga cikin al'umma maimakon ɗora faɗuwa kan halin sarki ɗaya, kuma ta dace da Magrib: Muwahhidun sun karɓi Marakish daga Murabiɗun a 1147, Banu Marin suka karɓe ta daga gare su a 1269, kowane karo ƙungiya ce daga gefe ta kayar da mazauna birni. Sai dai daga wannan tarihi aka gina ra'in, don haka dacewar ba ta isa hujja ba. Daular Usmaniyya, wadda ta wuce shekara 600 har zuwa 1922, ba ta bi jadawalin ba. Mai kare ra'in zai ce Ibn Khaldun ya yarda daula tana iya daɗewa idan babu mai ƙwacewa, amma wannan amsa tana sa ra'in ya dace da kowane sakamako, tunda ba a ba da hanyar gane ƙarfin asabiyya ba sai ta nasara ko faɗuwa. Saboda haka ra'in yana da ƙarfi wajen bayyana daulolin da suka dogara da rundunar ƙabila, amma adadin 120 ba doka ba ce, kuma bayaninsa yana raguwa inda daula ta kafa ma'aikata da soja na dindindin."

Malam Tijjani: Yanzu kin auna. Kin bar ra'in ya kare kansa kafin ki yanke, wannan shi ne abin da babu a na farko. Gyara biyu. Jimlar ƙarshe ta shigo da ma'aikata da soja na dindindin ba tare da an ambace su a baya ba. Ƙara rabin jimla a wurin Usmaniyya, ki ce ta dogara da sojan Inkishariyya da ma'aikatan fada waɗanda ba jini ya haɗa su da sarki ba. Sannan "ba a ba da hanyar gane ƙarfin asabiyya ba" ta yi tsauri. Ya ambaci alamu, kamar sarki ya ware kansa da ɗaukaka, ya ture danginsa ya jawo bayi da mawali, haraji ya yi ta hauhawa. Ce "alamun da ya bayar ba su da ma'aunin da zai nuna yaushe suka kai ga kisa".

Ɗan Maiwurno: Malam, ka ba ni makami da hannunka. In har ya ce dogaro da bayi alamar tsufa ce, to Inkishariyya ba ta fita daga ra'in ba, tana ciki.

Malam Tijjani: Tana ciki a matsayin alamar mutuwa, sai ga shi daular ta rayu ƙarnoni da ita. Abin da ya fi haka ɗaure kai, Ibn Khaldun da kansa da ya zauna a Masar ya yaba tsarin Mamluk, yana ganin kawo sababbin bayi daga waje kowane lokaci yana sabunta ƙarfin daula. Ko wannan gyara ne ga ra'insa ko saɓa wa kai ne, ni ban yanke ba.

Abu Hanan: Kun ga abin da nake gudu, yanzu an kai ga cewa ya saɓa wa kansa.

Hajiya Rabi: Cewa ya yi bai yanke ba, Abu Hanan.

Sa'adatu: Malam, in sa maganar Mamluk ɗin? Na ƙirga na Larabcin, da gyare-gyaren nan ina da sauran wurin kalma kusan 40.

Malam Tijjani: Kada ki sa, za ta buɗe ƙofar da ba ki da wurin rufewa. Yi amfani da ragowar ki rubuta sunan fasalin da kika ɗauko maganar zuriya uku, da bugun da kika duba da lambar shafi, don bugu-bugun Muƙaddima suna bambanta a shafuka. Ki turo na Larabcin gobe bayan Azahar in duba miki kalmar da kika sa a wurin "a galibi".